Inji a Kujerar Likitan Awaki

Mu huɗu ne a teburin kartar belot na fadarmu, kuma har gobe ban ga mutum uku da suka iya yabon kansu kamar sauran ukun ba. Fadar tamu a ƙofar shagon tela take, cikin wata unguwa ta Tawa: benci biyu, tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da murhun shayi. Bayan la'asar ake haɗuwa. Telan shi ne abokin wasana, shi ke zama yana fuskantata tun muna ƴan lakwal, wato makarantar boko, mu biyu a kan su biyu. Cikin abokan hamayyar tamu ɗaya mai sayar da kayan moto ne, wato babur, mutum marar magana. Ɗayan kuwa ya yi ƴan shekaru yana cin rani a Abija, can ƙasar waje bakin teku, ya dawo da agogo da takalmi mai tsini da ra'ayi a kan komai, har a kan abin da bai taɓa gani ba. Mutumin Abija muke ce masa. Ni kuma likitan awaki suke ce mini, don allurar dabbobi ce aikina.

Kujera a wannan tebur ba abin wasa ba ce. Akwai magidanta da suka shekara tsaye a bayanmu, suna leƙen karta, suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, suna jiran wani ya yi fushi ko ya ƙaura. Ƙa'idar fadar kuwa tsohuwa ce: in aka raba karta babu kai, ba ka kuma aiko da dalili ba, kujerarka ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Na ga an yi wa wani haka, ya dawo daga zaman makoki a ƙauyen Bambai ya tarar da wani zaune a wurinsa, ya koma cikin masu tsayuwa.

Sai ga canjin wurin aiki. Aka tura ni wani ƙauye gaba da Tebaram, inda rijiya ɗaya ke shayar da garken Hausawa da na Abzinawa. Ban ɓoye ba, da na ji labarin ba gidana na fara tunawa ba, kujerata na tuna. Iyalina za su biyo ni in na samu ɗaki. Kujera fa? Ranar da na yi wa ƴan fada bankwana, masu tsayuwa har sun fara matsowa, wani ma yana share benci da hularsa.

Tela ya buga tebur ya ce, "Wallahi ba mai zama nan! Salula munka saya don mi? Likita, ka tahi abinka. Daga can za ka riƙa buga taka, mu kuma daga nan."

Na ji daɗin maganar nan har cikin raina. Mai kayan moto ne ya nemo wasan, wani belot na salula da babu abin kallo a jikinsa ko kaɗan. Shimfiɗa kore, kartoci kamar an zana su da hannun hagu, ba kiɗa, ba murya, ba komai. Ƙanƙantar wasan ta isa har daga wayarsa ya turo mana kai tsaye, ba mu taɓa forfe ba, wato kuɗin intanet. Mutumin Abija ya kalle shi ya taɓe baki, ya ce ko tsofaffin da ke jiran fansho a can ba sa buga irin wannan. Amma ya sa a wayarsa, tunda ba shi da wani.

Sai da na isa ƙauyen na san darajar munin wasan nan. Rezo, wato siginar waya, a can kamar baƙo yake, ya leƙo ya gaishe ka ya wuce. Ƙarfen da ke ba mu shi yana nesa. Cikin gari babu komai, sai ka hau wani tudun rairayi bayan rijiya, nan ne waya ke kama sanda ɗaya ko biyu. Ko ta kama ɗin ma, abin da ka aika yakan daɗe a hanya kafin ya isa, amsarsa ta daɗe kafin ta dawo, wani lokaci ta ɓace a sake aikowa. Makiyaya sukan rataye wayoyinsu a wata aduwa da ke kan tudun, su tafi ban ruwa, su dawo su tarar saƙonninsu sun shigo.

To wasan namu bai damu da duk wannan ba. In na jefa karta, abin da yake aikawa bai wuce cewa wane ya jefa kaza ba, ɗan abu da bai kai gajeren saƙon rubutu nauyi ba. In rezo ya ɗauke a daidai lokacin, kartar ta zauna cikin wayata tana jira, yana dawowa ta wuce da kanta. Teburin kuma ba a wayar kowa yake ba, yana ajiye can wurin kamfanin da ya yi wasan, don haka ko na yanke na dawo, kartocina na nan yadda na bar su. Babban abin, ba shi da agogo. In layina ne, layina ne, ko zan kai magariba.

Haka muka yi watannin farko. In na gama da dabbobi na yi la'asar, sai in hau tudu da ɗan buzuna na shimfiɗa, in zauna ƙarƙashin aduwa in buɗe waya, in ga sunayensu uku suna jirana. Ba na jin muryarsu, amma ina ganinsu cikin kartar. In tela ya yar da ƙaramar karta ta wani launi, na san kirana yake in zo masa ta can. In mutumin Abija ya yi saurin jefawa, na san hannunsa ba komai, burga ce. Su ma sun san ni. Ni mutum ne mai karambani a belot: da tara ɗaya da as ɗaya, manyan kartoci biyu kacal, sai in ce na ɗauki atu, wato launin da ke cin sauran, in bar sauran ga Allah. Ina kuma da wata cuta ta riƙe as ɗina har sai an yanke shi. Tela ya shekara yana zagina a kan halayen nan biyu. Wasu ranakun karambanin ya ci, mu yi musu kaca-kaca, wasu ranakun mu sha kashi. A wurin da ban san kowa ba sai awaki, wannan zama shi ne gidana.

Amma fa su uku suna zaune a benci ɗaya cikin Tawa, da rezo mai kyau, suna jiran karta ɗaya ta taso daga bayan Tebaram. Jiran da bai fi na tafasar shayi ba. Mutanen da za su iya kwashe yini suna gardama a kan wanda ya fi ƙarfi cikin ƴan kokawa biyu da suka daɗe da yin ritaya, su ne wai ba su da lokacin jira! Mutumin Abija ya fara aiko mini da saƙon murya. "Likita, barci kake ko akuya ta cinye wayar?" Sai dariya a bayansa.

Ana haka ya zo musu da sabon wasa. Na ji labarinsa kafin in gan shi. Tebur mai walƙiya, karta tana tashi tana juyi kafin ta sauka, in ka ci zagaye a yi maka tafi, kowa da hotonsa, ga wurin magana da murya ana cikin wasa. Ya ce wannan shi ne belot na mutanen da suka ga duniya. Tela ya kira ni yana zumuɗi kamar an ba shi ɗinkin biki. Na ce masa, abokina, ku bar mu da mummunan namu, shi ne ya san hanyar garin nan. Ya ce kar in zama baƙauye tun ban shekara ba.

Saukar da shi kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali komai. A kan tudu ya ƙi, ya fara ya tsaya, ya fara ya tsaya. Sai da na hau moto na shiga Tebaram ranar kasuwa kafin ya sauka. Bayan ƴan kwanaki kuma ya ce ba zai buɗe ba sai an sabunta shi, na sake komawa. Tsakanin zagaye da zagaye sai ya tsaya jawo tallar bidiyo, wadda ita kaɗai ta fi dukan kartocin da muka buga a tsohon wasan nauyi. Duk wannan da na jure. Abin da ya kashe ni agogo ne.

Wani zobe ne ke kewaye hotonka in layinka ya zo, yana raguwa, daƙiƙu kaɗan ya ƙare. Kuma ba wayarka ke ƙirga lokacin ba, can wurin kamfanin ake ƙirgawa. Kafin labarin cewa layina ne ya iso kan tudu, rabin zoben ya tafi. In na danna karta, kafin ta isa can sauran ya tafi. Da zarar ya ƙare, wasan ya zaɓi karta ya jefa a madadina. Ina kallo da idona, na danna bale, babbar karta, in ga ƴar bakwai ta fita. In kuwa rezo ya yanke gaba ɗaya, sai inji ya zauna a kujerata ya ci gaba da bugawa da sunana da hotona, ni kuma ina kallon wata ƴar da'ira tana juyawa. Kafin ya sake shigar da ni an gama zagayen, wani lokaci an gama wasan.

Ban zauna na naɗe hannu ba. Na kashe muryar, don ita ke fara shaƙe hanyar. Na hana sauran abubuwan wayar taɓa intanet ta bayan fage. Na ɗaure wayar a kan rezo iri ɗaya, don ta daina tsalle daga wannan zuwa wancan tana yankewa a tsakani. Yankewar ta ɗan ragu, amma jinkirin yana nan daram, don ba daga wayata yake ba. Na sayi forfe babba, wai ko shi ne. Wauta! Yawan forfe ba ya rage nisan hanya. Na hau reshen aduwa ina babba da ni, wani tsohon makiyayi ya tsaya yana kallona, ya gyara rawaninsa, ya tambaye ni ko raƙumi nake hange.

Na gaya musu. Wannan ina so a sani, na gaya musu da bakina. Na aika da saƙon murya mai tsawo, na ce ba ni ke bugawa ba, inji ne, wasan nan ba ya jiran mai rezo irin nawa, mu koma tsohon. Amsar mutumin Abija ce ta fara zuwa. Ya ce daga yau an kafa doka a fada, ba a kukan rezo, don duk wanda aka ci sai ya ce rezo. Wanda ya sake faɗa, shi zai sayi sukarin shayi. Ka ji fa! Mutumin da bai taɓa wuce tashar motar Tebaram ba ya kafa wa rezon bayan Tebaram doka.

Abin da ya ƙara lalata maganar shi ne ba a cinmu. Ci muke yi. Injin nan ba shi da karambani ko kaɗan. Ba ya ɗaukar atu sai hannunsa ya cika. Ba ya manta kartar da ta fita. As ɗinsa yakan jefa shi da wuri ya kwashe abinsa kafin a yanke. Ba gwani ba ne, ba ya wata dabara da za ta ba ka mamaki, amma ba ya kuskuren ɗan Adam, kuma a kan mutumin Abija da ke wasa da baki wannan ya isa. A hankalin fadarmu kuwa, wanda ake ci shi ke kukan rezo. Mai ci in ya yi, to izgili yake. Da na sake faɗa, tela ya yi dariya har yana tari. "Kai likita, ka iya cin mutunci! Kana lallasa su kana cewa ba kai ba ne. Ci gaba, haka nika so."

Akwai ma alama. In inji ya karɓi kujerar mutum, wani ɗan abu toka-toka mai haƙora kamar na cikin agogo yakan fito a gefen hotonsa. Mai kayan moto ya gan shi, ya tambaya. Mutumin Abija, wanda ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba, ya ce ai lambar gwanaye ce, wasan ke ba wanda ya ƙware. Har ya ce shi ma yana dab da samun tasa. Aka yarda. Masu tsayuwa suka yarda. Labari ya zaga unguwa cewa likitan awaki ya samu lamba a belot. Wani ɗan uwana ya kira ni daga Barmu yana mini barka.

Na daina gardama. Amma ban daina hawa tudu ba, don wasan ba ya farawa sai kowa ya shiga ɗakin da lambar da suke turowa, kuma ƙa'idar fada tana nan: a raba karta babu kai, kujera ta tafi. Don haka kullum bayan la'asar sai in hau, in yi ta ɗaga waya sama har ta shigar da ni, in ga kartocina sau ɗaya, in rezo ya yi kirki in jefa ɗaya ko biyu da hannuna, sai da'irar ta fara juyawa. In zauna ina kallon shanu suna shan ruwa. Can sai saƙon tela ya shigo, wai mun yi musu kapo, ba su ci ko ɗauka ɗaya ba, wai bai taɓa jin daɗin wasa da ni kamar yanzu ba. Ina jin wannan sai in kife wayar in sauko daga tudun.

Sauran biyun ban damu da su ba. Mai kayan moto ba ya lura da komai sai farashin taya, mutumin Abija kuma ba ya ganin kowa sai kansa. Tela ne ya ƙona mini rai. Mutumin da ke kallon kafaɗar baƙo sau ɗaya ya yanka masa riga ba tare da awo ba! Ya shekara nawa yana fuskantata a tebur? Ya san ba na iya barin tara da as su wuce. Ya san as ɗina a hannuna yake mutuwa. Rana ɗaya duk wannan ya ɓace, na daina magana, na daina kuskure, na daina ba shi haushi, shi kuma bai ce ko sau ɗaya ba, anya wannan abokina ne? Cewa ya yi zaman ƙauye ya sa mini hankali.

Da babbar salla ta matso na gama duba ragunan layya na samu hutu, na shigo Tawa. Kashegarin salla na nufi fada ina ɗoki, ba zan yi ƙarya ba. Aka tarbe ni da ihu. Masu tsayuwa suka buɗa mini hanya, ana ga mai lamba, ga mai lamba. Aka fito da kartar gaske, tsohuwar nan da ta yi laushi, aka raba. Na ɗaga hannuna na ga tara da as. Na ce na ɗauka.

Aka ci mu. Zagaye na gaba na riƙe as ɗina ina jiran goma ta faɗo, mai kayan moto ya yanke shi da ƙaramin atu. Ni dariya ma na yi, don na yi kewar wannan haushin. Tela bai yi dariya ba. Ya ajiye kartocinsa ya dube ni.

"Mi ya same ka? A salula ba ka haka."

Na ce, "A salula ba ni ba ne. Na hwaɗa maka."

"Sukari!" in ji mutumin Abija. "Ya yi kukan rezo, kuma ga shi zaune gabanmu. Likita, sukarin yau naka ne."

Na ce to, zan saya, amma kowa ya fito da wayarsa tukuna. Suka fito da su suna murmushi, sun ɗauka zan nuna musu gwanintar ne. Aka buɗe ɗaki, na shiga, aka raba. Sai na kashe intanet ɗin wayata a gabansu, na kifa ta a kan keken ɗinkin tela inda kowa ke gani, na jawo murhu na hau haɗa shayi. Na sa hannuwana biyu a aiki, ɗaya da buta ɗaya da kofi, ina ɗagawa sama ina zubawa don kumfa ta tashi.

Layina ya zo. Zoben ya ƙare, lambar gwanayen ta fito a gefen hotona, karta ta tashi ta yi juyinta ta sauka. Wani cikin masu tsayuwa ya ce la'ilaha illallahu. Ba wanda ya tsayar da wasan. Suka ci gaba da dannawa, suna kallon waya suna kallon hannuwana, har aka kai ƙarshe. Ni da tela muka ci, wayoyi uku suka yi mana tafi.

Ina jira. Ban san ainihin me nake jira ba, amma na san daga bakin wa. Da ya ce mini subhanallahi, ashe duk watannin nan kana can kai kaɗai, da ya wadatar. Da ya zage ni ma ya ce don me ban matsa masa ba har ya gane, da na karɓa.

Mutumin Abija ne ya fara buɗe baki, ya ce shi dama ya yi zargin haka tun farko, shiru kawai ya yi. Ban ko kalle shi ba. Na ce wa tela, "Ka gani da idonka. Tsohon wasanmu yana nan a wayata ban goge ba. Shi yana jirana. Ku koma masa, ko da rana ɗaya ce a mako."

Tela ya sosa ƙeya. Ya ɗauki wayata daga kan keken, ya juya ta, ya miƙo mini. Fuskarsa cike da tausayi, kuma wannan tausayin ne ban yafe ba har yau.

"Wayyo likita. Kenan kullum tudu kake hawa cikin rana don ka shigar da injin kawai?"

Na ce e.

"Kai, wahalar ta yi yawa. Ba a yi maka adalci ba." Ya juya wajen mutumin Abija. "Ba yadda za a yi shi shiga da kanshi, mu hutasshe da bawan Allah?"

Akwai mana. Wani maɓalli ne a gefen kujerar da ba kowa, mai zaunar da inji tun kafin a raba karta, da ma yana nan tun ranar farko, ba su taɓa dannawa ba don kujerar ba ta taɓa zama babu kowa ba. Mutumin Abija ya gano shi nan take, ya yi ta nuna wa mutane kamar shi ya ƙera. Wani magidanci cikin masu tsayuwa, wanda ya fi kowa daɗewa yana jira, ya yi gyaran murya ya ce in dai kujera ta faɗi, ai akwai mutane. Tela ya ce a'a, kujerar likita ce, ya yi rantsuwa ba mai zama, kuma shi ba ya karya rantsuwa.

Suka ce bari a gwada a gani. Aka buɗe sabon ɗaki, ba a turo mini lamba ba, tunda ga ni zaune kuma gwaji ne. Aka raba karta. Shayi ya yi, na zuba a kofuna na bi su da shi ɗaya bayan ɗaya. Mai kayan moto ya karɓa ya ce sannu. Mutumin Abija ya karɓa ya ce sukarin bai ji ba. Na zo kan tela na tsaya da kofin a hannu. A daidai lokacin kujera ta huɗu ta jefo masa launin da ya kira, ya doka cinyarsa don murna.

"Yauwa mutumina! Ka gane ni!"

Da wayar yake. Ya miƙo hannun hagu ya karɓi shayin bai ɗago kai ba.